Daga "Ina Za Ka?" Zuwa "Zan Zo": Tarihin da Ba Mu Koya wa Yaranmu a Darasin Nahawu

Na yi shekaru ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano, kuma babu kuskuren da ya cinye mini jan biro kamar haɗe "zaka" da "zata" da "zamu" a takardun ɗalibai. Wata rana wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, me ya sa ake haɗe zan da zai, amma a raba za ka da za ta, alhali duk abu ɗaya suke nunawa?" Na ba ta amsar da aka ba ni lokacin da nake kan benci irin nata, wato haka ƙa'idar rubutu ta tanada. Ta yi shiru, amma na ga a fuskarta cewa ba ta gamsu ba, kuma tana da gaskiya, domin tambayarta tana da amsa ta haƙiƙa, amsar kuma tana cikin bakin kowane Bakano da ya taɓa tsayar da ɗan adaidaita sahu a bakin titi.

Ra'ayina shi ne muna zaluntar nahawun Hausa da yadda muke koyar da shi, kamar wasu dokoki da aka saukar a dunƙule, ba su da jiya ba su da shekaranjiya. Ƙananan kalmomin nan da muke sa yara su haddace, irin su za da kan da ɗan da cewa, da yawansu cikakkun kalmomi ne a da, masu ma'anar da ake iya nunawa da yatsa, yawan amfani ne ya goge su kamar yadda ƙafafun masu shiga ke goge dokin ƙofar zaure, har suka zama kayan aikin jimla. Wannan rashin sani shi ne ke sa yaro ya tsani ƙa'idojin rubutu, shi ne kuma ke sa dattijo ya zauna a majalisa bayan Magariba yana cewa yaran zamani sun lalata Hausa saboda suna gutsure kalmomi, bai san cewa Hausar da yake karewa ita ma da gutsurarrun kalmomin kakanninsa aka gina ta ba.

Mu ɗauki za ɗin nan mu bi ta a hankali. Idan ka tsayar da adaidaita sahu a Ƙofar Nasarawa, abin da direba zai tambaye ka shi ne "Ina za ka?" kai kuma ka ce "Za ni Kurmi" ko "Za ni Kantin Kwari." A cikin waɗannan jimloli babu wani aikatau ban da za. Ita ce ke ɗauke da ma'anar tafiya gaba ɗaya, kuma abin da ke biyo bayanta sunan wuri ne. A lura kuma da wakilan sunan da ke bin ta: za ni, za ka, za ki, za shi, za ta, za mu, za ku, za su, irin waɗanda ke bin ga a cikin "ga ni" da "ga shi". Wannan ita ce tsohuwar za, kuma ba ta mutu ba, tana aiki kullum a tasha da kasuwa. Masana tarihin Hausa suna ganin tushenta ɗaya da zo da je, kuma wannan bai saɓa wa abin da muka sani na sautin harshen ba, domin z takan koma j a gaban wasalin e ko i, kamar yadda muke gani a kaza da kaji, ko ciza da cije.

Mataki na biyu shi ne inda abin da ake nufa ba wuri ba ne, aiki ne. Mukan ce "Za ni farauta," "Za su yawo," "Za ta ɗiban ruwa." Har yanzu akwai tafiya, domin yarinyar da aka ce za ta ɗiban ruwa sai ta ɗauki bokiti ta fita. Amma wani abu ya shigo ta bayan gida ba tare da kowa ya gayyace shi ba: duk wanda ya ji wannan jimla ya fahimci cewa ba a ɗebi ruwan ba tukuna, ɗiban yana gaba. Ma'anar lokaci mai zuwa a nan ba ta cikin kalmar, tana cikin hankalin mai sauraro, saboda wanda ya kama hanya don yin abu bai yi shi ba. To idan jimloli irin wannan suka yi ta maimaituwa a bakin mutane, zuriya bayan zuriya, yaron da ke koyon magana yana iya ɗaukar wannan fahimta ta gefe a matsayin ainihin ma'anar kalmar. Babu wanda ya zauna ya yanke shawara, babu sarkin da ya yi shela, kowane yaro dai yana gina nahawunsa daga abin da kunnensa ya ji, kuma ginin nasa yakan ɗan saɓa wa na iyayensa ba tare da ɗayansu ya lura ba.

A mataki na uku tafiya ta fita daga cikin kalmar ɗungurungum. Ana gane haka da gwaji mai sauƙi, wanda nake so kowane malamin Hausa ya yi a aji. Ka sa ɗalibai su kwatanta "Za ta ɗiban ruwa" da "Za ta ɗebi ruwa." Idan yarinyar tana tsaye a bakin rijiya da guga a hannunta, jimla ta farko ba ta dace ba, domin ta riga ta iso, babu sauran inda za ta, amma ta biyu daidai take. Daga nan sai ka kawo musu jimlolin da tafiya ba ta yiwuwa a cikinsu ko kaɗan: "Zan zauna a gida yau," "Katangar nan za ta faɗi," "Za a yi ruwa." Katanga ba ta da ƙafa, mai zama kuma ba ya motsi. Mafi ƙarfin hujja ita ce "Zan zo," domin da a ce za tana riƙe da tsohuwar ma'anarta, da jimlar ta zama tafiya da zuwa a numfashi ɗaya, amma babu Bahaushen da ke jin wani karo a cikinta. Haka kuma muna cewa "Zan je Kurmi," mu sa je ta ɗauki nauyin tafiyar, saboda za ɗin ta sauke wannan kaya tun tuni.

Akwai ma mataki na huɗu da littattafan makaranta ba su cika ambata ba. Idan aka tambaye ka shekarun wani dattijo ka ce "Zai yi shekara saba'in," ba kana nufin sai nan gaba zai cika saba'in ba, kana ƙiyasi ne a kan yadda yake yau. Haka "Buhun nan zai kai kwano arba'in." Kalmar da ta fara da takun ƙafa ta bi ta niyya, ta bi ta lokaci, ta iso ga zaton mai magana. Ma'anar kullum tana tashi daga abin da ido ke gani zuwa abin da zuciya ke aunawa, kuma wannan alkibla ita ce aka fi samu a harsunan duniya.

Mai karatu yana da haƙƙin ya tambaya: ina shaida? Rubutacciyar Hausar da ke hannunmu ba ta kai shekara dubu baya ba, balle mu buɗe takarda mu ga ranar da abin ya faru. Shaidar tana cikin jikin harshen, kuma iri uku ce. Ta farko ita ce jerin kalmomi. A sauran lokutan Hausa wakilin suna ne ke gaba, manunin lokaci yana biye: ya-na, ya-kan, su-ka, mu-ke. A lokaci mai zuwa na ɗaya ne abin ya juya, manunin lokaci ya shige gaba, muka ce za ka, za mu, za su. Yaro yana iya haddace wannan a matsayin togaciya, amma wanda ya san "Ina za ka?" ya ga dalili: za ɗin ta shigo cikin nahawu ne da tsarin zamanta na da, kamar amaryar da ta tare da kayan ɗakinta. Ta biyu ita ce kare-karen harshe, domin har yau akwai Hausawan da ke cewa "za ni tafi" da "za shi tafi" ko "za ya tafi" inda Bakano ke cewa zan tafi da zai tafi, wato tsohuwar siga tana zaune a gefen sabuwa.

Ta uku ita ce karin sauti, kuma ita ce ta fi burge ni. Ka furta "za ka tafi" a hankali: za tana sama, ka tana ƙasa. Yanzu ka furta zan da zai: muryarka tana farawa a sama ta faɗo ƙasa a cikin gaɓa ɗaya. Wannan faɗuwar ita ce sawun gaɓar da ta ɓace. Wakilin sunan ya rasa wasalinsa, ya zama n ko i kawai, amma karinsa na ƙasa bai tafi ba, sai ya hau kan za ya zauna. Duk Bakanon da ya ce "zan dawo" yana furta gaɓa biyu na kakanninsa a cikin guda, kuma kunnensa na iya tabbatar masa da haka ba tare da ya buɗe wani littafi ba. Da karin sautin ne kuma muke bambance za ɗin biyu: a "za ta ɗiban ruwa" za ce ke faɗowa ta kuma tana sama, a "za ta ɗebi ruwa" za tana sama ta tana ƙasa. Rubutunmu na boko ba ya nuna wannan, shi ya sa a takarda suke kama da abu ɗaya.

Ga amsar tambayar ɗalibata ke nan. Ana haɗe zan da zai ne saboda abin da ya rage na wakilin sunan, n da i, ba ya iya tsayawa shi kaɗai a matsayin kalma, ana raba za ka da za ta saboda ka da ta suna nan da ransu, cikakkun gaɓoɓi. Dalilin nan ne kuma ya sa muke rubuta "ban" da "bai" a haɗe, "ban zo ba," "bai zo ba," amma mu raba "ba ta zo ba" da "ba mu zo ba." Ƙa'ida ɗaya ce, bayani ɗaya ya wadatar da ita, kuma yaron da ya gane shi ba ya buƙatar haddar jeri biyu. Na gwada wannan a aji, kuma abin da na gani shi ne ɗaliban da suka fahimci dalilin sun daina tambayata kalma-kalma, suna auna sabuwar kalma da kansu.

Wannan rikiɗa ta kalma mai ma'ana zuwa kayan nahawu ba ta Hausa kaɗai ba ce. Masanin harshe ɗan Faransa Antoine Meillet ne ya raɗa mata suna a wata maƙala a 1912, amma malaman Larabci sun riga shi hango wani ɓangare nata da ƙarnuka, domin duk wanda ya yi karatun nahawu mai zurfi a zaure ya san saɓanin malaman Kufa da na Basra a kan harafin sinun da ke nuna lokaci mai zuwa: mutanen Kufa suka ce gutsuren saufa ne, mutanen Basra suka ce asali ne mai zaman kansa. A Larabcin Masar na yau, ha da ake liƙa wa aikatau don nuna abin da zai faru ta fito ne daga rayih, mai tafiya, hanya ɗaya sak da ta za ɗinmu. A Swahili kuwa ta mai nuna lokaci mai zuwa ta fito daga taka, wato so, kuma cikakkiyar sigar takan sake ɓullowa a wasu gine-ginen jimla. Tafiya da so da wajibci su ne rijiyoyin da harsuna suka fi ɗebo lokaci mai zuwa daga cikinsu, saboda dukkansu suna fuskantar abin da bai auku ba.

Faransanci ne ke nuna mana tsawon lokacin da abin ke ci, domin shi yana da takardu. Latin, uwar Faransanci, tana da nata lokaci mai zuwa, amma mutane suka riƙa cewa abin da ya yi kama da "ina da waƙar da zan yi," suna sa aikatau mai nufin mallaka a bayan babban aikatau. A hankali wannan kalma ta manne ta zama ɗafa-ƙeya, tsohuwar sigar Latin kuma ta ɓace. A rantsuwar Strasbourg ta shekarar 842, wadda ake lissafawa cikin mafi tsufan rubutun Faransanci, an riga an rubuta su a matsayin kalma ɗaya. Yau kuma Faransawa, bayan wannan ɗafi ya tsufa, sun sake ɗauko aikatau mai nufin tafiya suna gina sabon lokaci mai zuwa da shi a maganarsu ta yau da kullum. Wannan ya isa ya kwantar da hankalin mai tsoron cewa gogewar kalmomi za ta cinye harshe har ya ƙare. Idan tsohon kayan aiki ya lalace, masu magana sukan ƙera sabo daga cikakkun kalmomi, kamar yadda mu ma muke cewa "ina shirin fita" ko "ya kusa faɗuwa" idan muna son abin da za ita kaɗai ba ta bayarwa.

Hausa ta kai wasu kalmomin har ƙarshen wannan hanya, inda kalma ke zama harafi guda a jikin wata. "Gida na Audu" da "gidan Audu" abu ɗaya ne a asali, haka "riga ta Audu" da "rigar Audu." Ɗalibai sukan yarda da na farko nan take, amma su tsaya a na biyu su ce ina t ta tafi, daga ina r ta zo? Amsar ita ce a tarihin Hausa t da ɗ da 'yan'uwansu sukan koma r idan suka faɗo ƙarshen gaɓa, abin da muke gani a ɓata da ɓarna, da kaɗa da karkaɗa. Da ta ta rasa wasalinta, sai t ɗin ta tsinci kanta a ƙarshen gaɓa, dokar sauti ta hau kanta.

Sai dai akwai haɗari a wannan fage, kuma dole in faɗe shi, domin na ga mutane masu son Hausa sun faɗa ciki a shirye-shiryen rediyo da zaurukan sada zumunta. Kamannin sauti ba hujja ba ne. Kan da ke cikin "a kan tebur" daga kai take, kan mutum, kuma ana iya bin sawunta daki-daki: kan mutum, kan dutse, a kan tebur, sannan "ya yi magana a kan haraji," har zuwa "sun yi rigima a kan gona," inda ta koma nuna dalili. Kowane mataki yana riƙe da hannun na bayansa. Amma kan da ke cikin yakan da sukan, mai nuna sabo, wata aba ce dabam a nahawun yau: karinta ƙasa ne, na waccan faɗau ne, ita tana bin wakilin suna tana gabatar aikatau, waccan tana gabatar suna. Wanda ya ce abu ɗaya ne don kawai haruffansu uku sun yi daidai, to ya kawo matakan da ke tsakani, idan ba shi da su kuwa ya yi shiru. Saboda wannan bambanci ne ƙa'ida ta ce a rubuta "akan yi ruwa a watan Agusta" a haɗe, "a kan hanya" a rabe, haka "takan zo" da "ta kan gada." Kafin a yarda cewa wata ƙaramar kalma daga wata babba ta fito, ana son a samu jimlolin da ke tsakiya, masu ɗaukar ma'ana biyu, ana son sauyin sautin ya bi dokar da aka sani a wasu kalmomi, ana kuma son a ga wasu harsuna sun bi irin hanyar. Za ɗinmu ta cika duka ukun, haka bayan da ke cikin "bayan sallar Juma'a" da goshin da ke cikin "goshin Magariba," inda gaɓoɓin jiki suka koma auna lokaci.

Yanzu ga ƙorafin dattawa, wanda ba na so in yi watsi da shi, domin akwai gaskiya a cikinsa. Idan dattijo ya ji jikansa yana cusa Turanci a tsakiyar kowace jimla inda Hausa ke da kalmarta, ko ya ga allon shago a Sabon Gari an rubuta Hausa ba ƙugiya ba rabe-raben kalma, yana da dalilin damuwa, kuma ni ma ina tare da shi. Amma wannan wata cuta ce dabam. Inda na rabu da shi shi ne idan ya haɗa da yaron da ya ce "na faɗa mai" maimakon "na faɗa masa," ko "miƙo min" maimakon "miƙo mini." Abin da ya faru da mini har ta zama min shi ne abin da ya faru da za ni har ta zama zan, wasali ya faɗi, kari ya zauna. Dattijon da ke cewa zan da bai ba tare da jin ya yi laifi ba, ba shi da hujjar kiran min lalaci. Bambancinsu kawai shi ne ɗaya ta daɗe har an saba da ita.

Wannan ba ya nufin a buɗe ƙofa kowa ya rubuta yadda ya ga dama, kuma a nan nake saɓa wa wasu matasan marubuta da ke cewa tunda harshe yana sauyawa, ƙa'ida ba ta da amfani. Rubutu yarjejeniya ce tsakanin Bakano da Basakkwace da Bazazzagi da mutumin Damagaram, kuma amfaninsa shi ne ya yi tafiyar hawainiya a bayan baki. Wanda ya rubuta "zata" yana nufin za ta ya haɗa ta da zata ta zato, wanda ya rubuta "bana" yana nufin ba na ya haɗa ta da shekarar da muke ciki, mai karatu ne kuma ke biyan kuɗin wannan ganganci da lokacinsa. Zan ci gaba da sa jan biro a kan "zaka." Abin da na daina shi ne sa shi ba tare da bayani ba, da kuma gaya wa yaro cewa abin da yake furtawa a gida kuskure ne. Furucinsa daidai ne, rubutu ne ke da nasa sharaɗi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a aji shi ne kalmomin da ke tsakiyar hanya a yanzu, waɗanda ɗalibi zai iya kamawa da hannunsa. Ɗa kalma ce cikakkiya, ɗan Audu yaro ne da Audu ya haifa. A ɗan kasuwa da ɗan Kano haihuwa ta fita, dangantaka ta rage. A ɗan littafi da 'yar jaka ƙanƙanta ce kawai ta rage, abin da muke kira tsigalau, amma har a nan kalmar tana bin jinsi da adadi: ɗan, 'yar, 'yan. To sai ka rubuta a allo: "Ya ɗan huta, ta ɗan huta, sun ɗan huta." Ka tambayi aji me ya sa ba mu ce "ta 'yar huta" ko "sun 'yan huta" ba. Nan za su gani da idonsu cewa kalmar ta daskare, ta zubar da jinsi da jam'i, domin ta daina zama suna. Wannan daskarewa tana daga cikin alamun da ba sa ƙarya. A "ɗan matsa mini" kuwa ko ƙanƙantar ma ta koma ladabi, domin ba tazarar matsawar ake aunawa ba, nauyin roƙon ake ragewa.

Taɓa da sha suna baya da ɗan a wannan tafiya. "Ban taɓa zuwa Makka ba" babu hannu a ciki, "na sha gaya maka" babu ruwa babu ƙoƙo, ma'anarsu ta riga ta goge. Amma jikinsu bai goge ba: ba su rasa ko wasali ɗaya ba, suna karɓar kowane lokaci kamar sauran aikatau, kuma abin da ke bin su siga ce ta suna, zuwa, ba zo ba, kamar dai har yanzu zuwan wani abu ne da ake kai wa hannu. Ba wanda ke cewa "ban taɓa zo ba." Idan aka ajiye wannan kusa da "zan zo," inda tsagwaron aikatau ke bin za kai tsaye, sai a ga tazarar da ke tsakanin kalmar da ta yi rabin hanya da wadda ta isa. Babu kuma tabbacin cewa taɓa za ta ƙarasa, domin kalma tana iya tsayawa a wuri ɗaya ƙarni bayan ƙarni, abin da ba a cika gani ba dai shi ne ta juya da baya, ɗafi ya balle ya koma cikakken aikatau.

Abin da nake nema daga masu tsara manhajar Hausa da masu horar da malamai a kwalejojin ilimi da Jami'ar Bayero ba sabon darasi ba ne mai jarrabawarsa, domin manhajar ta riga ta cika. Ina neman idan an zo lokaci mai zuwa na ɗaya a fara da "Ina za ka?" kafin a zana jadawali, idan an zo tsigalau a fara da ɗan da aka haifa, idan an zo raba kalma da haɗe ta a sa yara su furta su saurari karin muryarsu. Minti goma ya isa kowanne. A zangon da ya wuce na ba 'yan aji shida aikin gida, na ce kowa ya saurari mutanen gidansu kwana uku ya rubuto jimla biyar da bari a ciki, sannan ya ware inda ake nufin a ƙyale wani abu da inda ba a nufin haka. Wani yaro daga Fagge ya kawo "bari kayan nan" a gefe ɗaya, "bari in gani" a ɗaya gefen, a tsakiya kuma ya ajiye "bari ya gama tukuna," ya rubuta a ƙarƙashinta cewa ya kasa yanke mata hukunci domin tana iya zama ko wanne. Na ba shi cikakken maki, na kuma sa ya karanta wa aji jimlar ta tsakiya sau biyu.